“Ɗari biyu haka” da “dubu guda”: fassara ƙiyasin kuɗi daga hirar Turanci

“Malam, ina fassara finafinai da hirarrakin bidiyo daga Turanci, ina sa rubutun Hausa a ƙasan hoto. Inda nake yawan cijewa shi ne wurin kuɗi. Mutum zai ce ‘a couple of hundred’ ko ‘a grand’. In na rubuta ɗari biyu sai in ga kamar na yanke abin da shi bai yanke ba, in kuma na rubuta dala dubu ɗaya sai ya koma kamar mai karanta labarai. Wani abokina ya ce in riƙa sa jaka. Ya kuke yi?”

Ɗan'uwa, kalmomin nan biyu da ka haɗa ba ciwo ɗaya gare su ba, don haka maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Ta farkon, adadin ne bai tsaya ba: mai maganar bai ƙirga ba, ko ya ƙirga amma ba ya son a kama shi da lamba. Ta biyun kuwa adadinta a tsaye yake cif, dubu ɗaya ce, ba ƙari ba ragi. Abin da ya sassauta a cikinta harshe ne kawai, wato mutum yana magana irin ta tsakanin abokai, ba irin ta banki ba. Yawancin fassarar da nake gyarawa a wannan fanni daga nan take karkacewa: a ɗauki adadin da ke tsaye a yi masa “kimanin”, ko a ɗauki wanda ba ya tsaye a rubuta shi da lamba kamar rasit. Kafin ka taɓa jimlar, ka tambayi kanka wanne ne a gabanka. Sannan ka ƙara tambaya guda, wadda a wurina ta fi komai nauyi: me mutumin nan yake yi da adadin? Raina shi yake, ko kururuta shi, ko kauce wa alkawari, ko ciniki? Hausa tana da kalma daban ga kowanne, kuma a nan ne muka fi Turanci yalwa.

Adadin da bai tsaya ba

Asalin “couple” biyu ne, kamar miji da mata. Amma a bakin mai hira takan miƙe ta kai uku, ba ta dai yin nisa. Wanda ya ce “a couple of hundred” yana nufin wani abu da ya kewaye ɗari biyu, zai iya zama ɗari da tamanin, zai iya kai ɗari biyu da hamsin ko ya taɓa ɗari uku. In ya kai ɗari biyar, ya yaudare ka. Saboda haka kuskure iri biyu ne ke jiran mai fassara. Na farko ka riga ka gano shi da kanka, wato “ɗari biyu” tsurarta. Na biyu shi ne “ɗaruruwa”, wanda ya fi yawa a fassarar labarai, kuma ya fi ɓarna. Bahaushe in ya ji “ɗaruruwan mutane” ko “ɗaruruwan daloli”, hankalinsa yana tafiya ɗari biyar, ɗari bakwai, abin da ya doshi dubu. Ka ga an ninka maganar ba tare da an taɓa lamba ko ɗaya ba. “'Yan ɗaruruwa” ta fi dacewa da “a few hundred”, wato daga ɗari uku zuwa wajen biyar, kuma 'yan ɗin nan ita ce ke riƙe da linzamin, kada ka yar da ita don neman gajarta layi.

Abin da nake fara gwadawa kullum shi ne “kamar ɗari biyu haka”. Wannan “haka” ta ƙarshe ƙaramar kalma ce amma ita ke ɗauke da ɗaga kafaɗar da mai maganar ya yi. In wuri ya ƙure a allo, “ɗari biyu haka” kaɗai ta isa. In ina son in nuna cewa abin zai iya haurawa, sai in ce “ɗari biyu zuwa uku”, ko yadda ake faɗa a baka, “ɗari biyu, ɗari uku”, a jera su ba tare da “ko” ba. Ka saurari mai gyaran waya in ka tambaye shi nawa aikin zai ci tun bai buɗe wayar ba, haka zai amsa maka.

Sauran kalmomin ƙiyasi da muke da su ba a musanya su kai tsaye, ko da yake ƙamus zai jera maka su wuri guda. “Kimanin” ta rediyo ce da takarda. Babu laifi a cikinta, amma in ka sa ta a bakin direban tasi yana hira da abokinsa, ka ɗaura masa babbar riga. “Misalin” ta fi zama da lokaci, da misalin ƙarfe huɗu, ko da yake dattawa na amfani da ita ga kuɗi. “Kusan” tana ƙasa da adadin, ba ta taɓa haura shi ba: kusan ɗari biyu bai kai ɗari biyu ba. “Wajen” tana da ɗan nauyi, mai faɗinta yakan ga abin da yawa: wajen dubu goma fa ya kashe. A ɗaya ɓangaren kuma, in an haura adadin da kaɗan, muna da “da 'yan kai”, “da ɗoriya”, “da wani abu”. Su ne daidai da abin da Bature ke nufi in ya liƙa “odd” ko “and change” a bayan lamba: ɗari biyu da 'yan kai. Sai kuma “bai wuce ɗari biyu ba”, wadda ba ƙiyasi kaɗai take yi ba, kwantar da hankali take. Sau da yawa ita ce ainihin fassarar, domin mai cewa “a couple of hundred” yawanci so yake ka ji cewa abin ba wani abu ba ne.

Ga yadda jimla ɗaya za ta fito kala uku. Mutum yana lallashin matarsa kan kuɗin da ya kashe: “Haba, bai fa wuce ɗari biyu ba.” Mutum yana ba da labarin an yanke masa aljihu, ba ya tuna nawa ne a ciki: “Kamar ɗari biyu haka ne a ciki.” Mutum yana ƙorafin tsadar tikitin kallon ƙwallo: “Wajen ɗari biyu fa suke karɓa.” Turancin bai canza ba a duk ukun, muryar ɗan wasan da fuskarsa ne suka canza. Shi ya sa ba na yarda a ba ni rubutun fim kawai a ce in fassara. Sai na ga hoton.

Wani abu da ya kamata ka kiyaye a nan: mu ma muna da namu “biyu” mai sassauci, amma ba kullum take ja inda ta Turanci ke ja ba. “Zan dawo nan da kwana biyu” ta yi daidai da tasu, 'yan kwanaki kaɗan ke nan. Amma “kwana biyu ban gan ka ba” tana nufin an daɗe, wataƙila wata guda, wataƙila shekara. In ɗan wasa ya ce ya ga wane kwanaki biyu da suka wuce, yana nufin kwanan nan, to ka ce “shekaranjiya ko waccan” ko “kwana biyu-ukun nan”, don kada mai kallo ya juya maganar.

Maganar jaka

Abokinka yana da hujja, kuma na fahimci abin da ya ja shi. “Grand” kalmar titi ce mai nufin dubu, ta dalar Amurka ko ta fam ɗin Ingila, gwargwadon bakin da ta fito. Yana neman kalmar titi ta Hausa da za ta tsaya a gurbinta, sai ya tuna da jaka. Matsalar ita ce jaka tana da adadinta, kuma adadin ya danganta da inda mai kallo yake zaune.

A Najeriya jaka tun zamanin Turawa fam ɗari ce. Da aka shigo da naira ranar 1 ga Janairun 1973, an canza fam ɗaya a kan naira biyu, sai jaka ta zama naira ɗari biyu, kuma a nan ta tsaya har yau a bakin dattawa da 'yan kasuwar ƙauye. Jaka biyar ita ce dubu. In ka rubuta “jaka biyar” a madadin “five grand”, dattijo a Kano ko Gusau zai ji naira dubu ɗaya, alhali ana maganar dala dubu biyar. Yaro ɗan shekara ashirin a birni kuwa wataƙila bai ma san jaka kuɗi ba ce. A Nijar lissafin daban ne. Can jika, kamar yadda suke faɗa, sefa dubu ɗaya ce daidai. Sai ka ce to ai ga ta nan, ta faɗa kan dubu. Amma jika ba ta rabuwa da sefa. Mutumin Maraɗi ko Damagaram in ya ji an ce an yi garkuwa da mutum ana neman jika hamsin, zai ji sefa dubu hamsin, abin da bai kai dalar Amurka ɗari ba, sai fim ɗin ya zama abin dariya. Kalmar titi tana da tushe a ƙasarta, ba ta yin hijira. Haka muri take, wato naira ashirin mai hoton Janar Murtala Muhammad da ta fito a 1977, haka wazobiya, naira hamsin ta 1991. Daɗinsu a baki ba ya sa su dace da bakin ɗan Chicago.

Tarkon bai tsaya kan jaka ba, har kalmar “dala” kanta. A Nijar dala ita ce sefa biyar, kuma da ita ake ƙirga kuɗi a kasuwa: dala ashirin sefa ɗari ce, dala ɗari sefa ɗari biyar, dala ɗari biyu ita ce jika. To ka duba abin da zai faru da “dala ɗari biyu haka” in bidiyonka ya tsallaka iyaka, kuma zai tsallaka, domin waya ba ta san iyaka ba. Haka “fam”: har yanzu akwai tsofaffin da in sun ce fam goma, naira ashirin suke nufi. Abin da nake yi shi ne, a karon farko da kuɗi ya shigo labarin, in rubuta shi cikakke, “dalar Amurka” ko “fam ɗin Ingila”, ko da ɗan wasan bai ambata ba. Sau ɗaya ya isa. Daga nan mai kallo ya san ƙasar da yake, sai in saki.

Wannan sakin shi ne amsar tambayarka kan “grand”. Bahaushe ba ya nuna sabo da kuɗi ta hanyar yi musu laƙabi kawai, ya fi nuna shi ta hanyar yar da sunan kuɗin gaba ɗaya. Je ka kara ranar kasuwa ka tsaya kusa da dillali. Za ka ji an taya sa “ɗari huɗu”, mai shi ya ce albarka, a ƙara “da hamsin”. Ba wanda ya ce naira, ba wanda ya ce dubu, kowa ya san dubu ɗari huɗu da hamsin ake nufi. A wurin masu sayar da motoci “biyar da rabi” miliyan biyar da rabi ce. Saboda haka abin da ya sa “dala dubu ɗaya” ta yi maka kama da labaran ƙarfe takwas shi ne cikar da ta yi. Cire “dala”, ka mayar da “ɗaya” ta zama “guda” ko ka cire ta, sai ka samu “dubu guda” ko “dubu” kawai. “Five grand” ta zama “dubu biyar”. Adadin bai motsa ba, harshen ya sauko. Wannan dabarar ita ce kuma ta “buck” da “quid”, waɗanda ba komai ba ne illa dala da fam a bakin titi: “twenty bucks” ashirin ce kawai, ko dala ashirin in ana bukatar tuni.

Akwai masu sa “ke”, wato harafin K mai nufin dubu, kamar yadda samarinmu ke cewa faif ke, ten ke. In ɗan wasan matashi ne ɗan birni, masu kallonka ma irinsa ne, ba zan hana ka ba, ana faɗinta a Kano da Kaduna kullum. Amma ni ba na sa ta a aikin da iyaye za su kalla, kuma kunnen da ya saba da sefa ba lallai ya kama ta ba.

Mu gwada a kan fage guda

Bari mu ɗauki irin fagen da ke yawan zuwa. Wani ya kai tsohuwar motarsa gareji a Amurka. Ya tambayi bakanike nawa aikin zai ci. Bakaniken ya leƙa ƙarƙashin mota, ya goge hannu da tsumma, ya ce kayan gyara “a couple hundred”, in an haɗa da aiki kuma “call it a grand”. Mai mota ya zaro ido ya maimaita “a grand?”, ya ce shi gaba ɗaya motar “fifteen hundred” ya saye ta. Bakanike ya yi shiru, ya ce to kawo “eight fifty”.

Layin farko shi ne inda kuɗi ya fara shigowa, don haka nan zan sa sunan kuɗin. Bakaniken kuma raina adadin yake, yana shimfiɗa hanya kafin ya faɗi babban. Sai in rubuta: “Kaya dai ba za su wuce dalar Amurka ɗari biyu ba.” In an riga an ambaci dala a baya cikin fim ɗin, “Kaya dai kamar ɗari biyu haka” ta fi sauƙi a ido. Layi na biyu yana da wayo a cikinsa. Dubun a tsaye take, amma mutumin yana nuna kamar ya yi ragi ne ya dunƙule lissafin. Hausar ciniki tana da wannan a shirye: “Da kuɗin aiki, a bar shi a dubu.” Ko “mu ce dubu”. Kada ka sa “kimanin dubu” a nan, domin farashi ya yanka, ba ƙiyasi ya yi ba.

Layi na uku kalma biyu ce kacal a Turanci, amma duk fagen a kansu ya rataya. “Dubu?” kaɗai ta yi sanyi a rubuce. “Har dubu?” ta fi, ko “Dubu guda fa?” In ɗan wasan ya ɗaga murya sosai, “Dubu guda sukutum?” Waɗannan ƙananan kalmomi, har, fa, sukutum, cur, kacal, tak, su ne ke yi mana aikin da Bature ke yi da murya da kalmar titi. Wanda ya bar su ya bar rabin maganar a Turanci.

Layi na huɗu yana da nasa rami. Turawa na ƙirga ɗaruruwa su wuce goma, su ce ɗari goma sha biyar. Mu ba ma yi. Na sha ganin an rubuta “ɗari goma sha biyar”, mai karatu ya tsaya yana lissafi har layin ya wuce, na kuma ga inda aka mayar da ita dubu goma sha biyar, an ninka kuɗin sau goma. Dubu ɗaya da ɗari biyar ce. Mai motar kuma raina kuɗin yake don ya nuna rashin dacewar farashin, sai in ce: “Motar ma gaba ɗaya dubu da ɗari biyar na saye ta.” Wannan “ma” ita ce hujjarsa. Layin ƙarshe kuwa, “eight fifty” a bakin Ba'amurke za ta iya zama dala takwas da rabi, ko ɗari takwas da hamsin, ko dubu ɗari takwas da hamsin. Abin da ake ciniki ne ke faɗa maka: abinci ne, ko gyaran mota, ko gida. A nan an sauko ne daga dubu, saboda haka: “To kawo ɗari takwas da hamsin, shi ke nan.” In an ƙulla, Hausa ta ba ka “na sallama”, amma ka lura mai sayarwa ne ke faɗinta, ba mai saye ba.

Tunda mun zo kan dubu da ɗari, ga wani abu da ya fi shafar masu ɗora murya fiye da masu rubutu. Tsakanin “dubu da ɗari biyu” da “dubu ɗari biyu” ba komai sai “da” guda ɗaya, amma na farko 1,200 ne, na biyu 200,000. Mai ɗora murya in yana sauri don ya cim ma bakin ɗan wasa yakan haɗiye wannan “da”. A irin wannan wuri nakan rubuta masa “dubu ɗaya da ɗari biyu”, in nemi ragi a wata kalmar. Masu fassara finafinan Indiya ma suna da irin wannan aiki da lak da kuror, na farko dubu ɗari, na biyu miliyan goma, kuma su ma adadi ne tsayayye kamar “grand”, ba ƙiyasi ba.

Lamba ko kalma, naira ko dala

A rubutun ƙasan hoto wuri kaɗan ne, yawanci layi biyu, kowanne bai wuce haruffa 42 ba, sai hannu ya riƙa ja zuwa lamba don ta fi gajarta. Amma lamba tana da wani hali: duk abin da aka rubuta da ita yakan zama kamar an auna. “200” a allo ta fi “ɗari biyu” tsauri, ko da ka sa mata “kamar” a gaba. Ƙa'idar da nake bi ita ce, ƙiyasi da zancen baka a rubuta da kalmomi, adadin da labarin ke bukatar a riƙe shi daidai, kamar bashin da za a dawo kansa ko lambar da ke jikin ceki, a rubuta da lamba. Farashin kanti irin “nine ninety-nine” yana tsakiya. In ba wani abu ya rataya a kansa, “dala goma” ta wadatar. In ana son a ji wayon mai kanti, muna da tsohuwar hanyarmu ta ƙirga da ragi, wadda muke cewa ashirin ba ɗaya: “dala goma ba kaɗan”.

Za a kuma ba ka shawarar ka mayar da kuɗin naira don mai kallo ya ji nauyinsu. Niyyar mai kyau ce, amma ban goyi bayanta ba a fim ko hira. A 2015 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, a 2024 ta haura naira 1,500. Fassarar da aka yi da lissafin wancan lokaci yau ƙarya take faɗa, bidiyo kuwa yana nan yana yawo. Ban da haka, ko canjin ya yi daidai, nauyin ba ya yin daidai. Dala ɗari biyu a bakin bakaniken can ƙaramin abu ne, in ka mayar da ita naira dubu ɗari uku, mai kallo a Funtuwa zai ji babban kuɗi, ya rasa dalilin da ya sa mutumin ke faɗinta yana ɗaga kafaɗa. Nauyin da kake son isarwa yana cikin “bai wuce ba” da “har”, ba cikin canji ba. Rahoton jarida daban ne, can ana iya ƙara kwatankwacinsa a naira tare da ranar da aka yi lissafin.

Wani lokaci ma adadin ba adadi ba ne sam. Uwa ta ce wa ɗanta ta faɗa masa sau miliyan, ko wani ya ce ba shi da “a dime”, wato 'yar ƙaramar tsabar santi goma. Babu mai ƙirgawa a nan. Na farko “sau nawa zan faɗa maka”, ko “sau shurin masaƙi” in mai maganar dattijuwa ce. Na biyu “ko sisi ba ni da shi”, ko anini, ko ƙwandala. Za ka ce ai yanzu na hana ka jaka, ga shi na kawo sisi. Bambancin shi ne sisi a wannan jimla ta daɗe da daina zama kuɗi, ba wanda zai ji ta ya yi lissafin kwabo biyar. Jaka kuwa har gobe ana biya da ita.

Inda wannan dabara ta tsaya

Duk abin da na faɗa na fim ne da hira da labarin nishaɗi, inda burinka shi ne mai kallo ya ji abin da mai kallon asali ya ji. Ko a nan ɗin akwai abin da ke zubewa. Kalmar titi a Turanci takan nuna ajin mutum da unguwarsu, “dubu guda” kuwa kowa na faɗinta, daga malami har ɗan tasha. In halin ɗan wasan ya dogara da irin bakinsa, sai ka rama a wani wuri cikin jimlar, a yadda yake kiran abokin maganarsa ko a rantsuwarsa, ba a kan lambar ba.

In kuma wata rana aiki ya kai ka tafinta a kotu, ko asibiti, ko wurin ɗaukar bayanin shaida, to 'yancin zaɓar “bai wuce ba” ko “wajen” ya ragu ƙwarai, domin kowaccensu tana ƙara wa maganar ra'ayi. Shaida ya ce an ba shi “a couple of hundred”, ka ce “kamar ɗari biyu”, ka tsaya nan. Kada ka ƙara masa sunan kuɗin da bai faɗa ba, kada ka yanke masa ko ɗari biyu ce ko dubu ɗari biyu, ko da kana ganin ka gane. Ka sanar da alƙali ko lauya cewa mai maganar bai ambaci irin kuɗin ba, su tambaye shi da kansu. Haka in Bahaushe ne ke ba da shaida ya ce jaka goma ko dala ɗari, kafin ka mayar da ita Turanci ka nemi izini a tambaye shi kuɗin wace ƙasa yake nufi, kuma da wane lissafi yake ƙirgawa.